Lambar 1 da Ke Motsa Zane a Fuskar Kwamfuta

Duk wanda ya shigo wannan zaure da waya a aljihu ya riga ya yi aiki da lissafin da za a tattauna yau, ko bai taɓa jin sunansa ba. Ya buɗe taswira, ya ja ta da yatsa ɗaya, ta gusa. Ya ware yatsu biyu, ta ƙara girma. Ya murɗa yatsun, arewa ta koma inda gabas take. A idon mai waya ayyuka uku ne daban-daban: gusarwa, canja girma da juyawa. A wurin na'ura kuwa aiki ɗaya ne tak, wato ninka wani jadawali mai lambobi tara da wasu lambobi uku. Yadda aka yi ukun nan suka dunƙule suka zama ɗaya shi ne batun laccar, kuma dabarar duka tana rataye ne a kan wata lambar 1 da ake liƙa wa kowane ɗigo.

Kwamfuta ba ta san zane ba, ɗigo ta sani. Murabba'i a wurinta kusurwoyi huɗu ne, kowace kusurwa lambobi biyu: x, nisan da aka tafi dama, da y, nisan da aka hau sama, dukansu ana auna su daga wani wuri guda da ake kira mafari, inda x da y duk sifiri ne. Motsa zane yana nufin a bi ɗigoginsa ɗaya bayan ɗaya, a lissafa wa kowanne sabon wuri, a sake haɗa layukan.

Canja girma shi ne mafi sauƙi. A ninka x da wata lamba, a ninka y da wata lamba. Idan duka biyun 2 ne, zanen ya ninka girmansa. Juyawa ta ɗan fi haka wuya, domin sabon x yana ɗaukar wani abu daga tsohon x, ya kuma ɗauki wani abu daga tsohon y. Idan za a juya ɗigo da kusurwa θ saɓanin tafiyar agogo, ga lissafin:

```
x' = x·cos θ − y·sin θ
y' = x·sin θ + y·cos θ
```

Abin lura shi ne waɗannan ayyuka biyu 'yan gida ɗaya ne. A kowannensu, sabon x wani kaso ne na x a haɗe da wani kaso na y, haka ma sabon y. Lambobi huɗu ke nan, ana jera su biyu a sama biyu a ƙasa, a kira jadawalin matiriks. Amfanin matiriks kuwa babba ne: idan za a juya zane sannan a ƙara masa girma, ana iya ninka matiriks ɗin biyu da junansu tun da farko, a samu guda ɗaya da zai yi aikin biyun a lokaci ɗaya.

Gusarwa ce ta ƙi shiga wannan gida. Gusar da ɗigo taku 6 zuwa dama tarawa ce, x a tara da 6, ba ninkawa ba. Babu kuma wata dabarar da za a yi da lambobi huɗun nan su haifar da tarawa, dalili kuwa a fili yake: a ɗauki mafari kansa, (0, 0), a ninka shi da kowace irin lamba, sifiri za a samu. Matiriks mai lambobi huɗu ba ya iya tayar da mafari daga inda yake. Zanen da ke hannunsa kamar akuya yake a turke, tana iya zagayawa, igiyar tana iya tsawo ko ta gajarta, amma turken yana nan a kafe.

Mafita ta fito ne daga wani lissafi da ya girmi kwamfuta da fiye da shekara ɗari. A 1827, August Ferdinand Möbius, masanin lissafi da taurari a Leipzig ta ƙasar Jamus, ya buga littafi inda ya bayyana wurin ɗigo da lambobi uku maimakon biyu. Ya ce a ɗora nauyi a kan kusurwoyi uku na alwatika, a nemi wurin da nauyin ya daidaita. Nauye-nauyen ukun nan sun isa su zama adireshin wannan wuri. In aka ninka dukansu sau biyu, wurin daidaiton bai motsa ba, saboda haka adireshi da yawa suna nuna ɗigo ɗaya. Wannan shi ne tushen abin da masana ke kira kodinet homojiniyos. Julius Plücker ya ci gaba da aiki da irin wannan tunani a shekarun da suka biyo baya. Wanda ya shigo da shi cikin zanen kwamfuta shi ne Lawrence Roberts na MIT a Amurka, a kundin digirinsa na uku na 1963 da kuma wani rahoto da ya rubuta a Lincoln Laboratory a 1965. Roberts ɗin nan shi ne daga baya ya jagoranci gina ARPANET, kakar intanet, kuma da wannan aka fi saninsa.

A aikace dabarar gajera ce. Ɗigon (x, y) sai a rubuta shi (x, y, 1). Matiriks ɗin kuma ya tashi daga lambobi huɗu ya koma tara:

```
| x' |   | a  c  e |   | x |
| y' | = | b  d  f | · | y |
| 1  |   | 0  0  1 |   | 1 |
```

Idan aka warware layin farko, sabon x ya zama a sau x, a tara da c sau y, a tara da e sau 1. To e sau 1 ai e ne. Tarawar da aka rasa ta shigo ta ƙofar ninkawa. Lambobin a, b, c da d suna riƙe da juyawa da canja girma kamar da, e da f kuma suna riƙe da gusarwa. Layin ƙasa, 0 0 1, aikinsa ya dawo da lambar 1 yadda take domin ɗigon ya zama a shirye ya shiga matiriks na gaba. Ta fuskar siffa, abin da aka yi shi ne an ɗaga shimfiɗar zanen gaba ɗaya taku ɗaya sama da mafari na gaskiya. Mafarin da ba ya motsi yanzu yana can ƙasa, a (0, 0, 0), ba a kan zanen ba, don haka babu sauran wani ɗigo na zanen da aka tilasta wa zama wuri ɗaya.

Misali guda ya isa ya nuna abin da aka samu, kuma yana da kyau a bi shi a hankali. A ce an zana agogo, cibiyarsa tana (4, 2). Hannun agogon tsawonsa taku 3, yana nuna ƙarfe uku, saboda haka bakinsa yana (7, 2). Ana so a juya shi digiri 90 saɓanin tafiyar agogo, ya nuna ƙarfe goma sha biyu. Ko ba a yi lissafi ba, ido ya san inda bakin ya kamata ya sauka: kai tsaye sama da cibiya da taku 3, wato (4, 5).

Sabon shiga zai ɗauki lissafin juyawa ya ɗora a kan ɗigogin kai tsaye. A digiri 90, cos sifiri ne, sin kuma 1 ne, don haka sabon x ya zama kishiyar tsohon y, sabon y kuma ya zama tsohon x. Bakin hannun ya tashi daga (7, 2) ya sauka a (−2, 7). Gindinsa ma, wanda ya kamata ya zauna daram a cibiya, ya tashi daga (4, 2) ya koma (−2, 4). Hannun ya miƙe sama kamar yadda aka so, amma ya bar agogon baki ɗaya, ya fice ta gefen hagu. Lissafin bai yi kuskure ba. Ya juya komai ne a kewayen mafari, domin shi kaɗai ya san juyawa a kewayensa. Ɗalibai da yawa sukan gamu da wannan a makon farko: su ba da umarnin juyawa, zanen ya ɓace daga fuskar kwamfuta, su zaci sun goge shi.

Gyaran matakai uku ne. A gusar da komai har cibiyar agogo ta hau kan mafari, wato a ɗebe 4 daga x, a ɗebe 2 daga y. Bakin hannun ya zama (3, 0). A juya, ya zama (0, 3). A mayar da abin da aka ɗebe. Ya zama (4, 5). Daidai inda ido ya ce.

A nan ne lambar 1 take biyan kuɗin haya. Tun da matakan ukun duk sun zama matiriks iri ɗaya, ana iya ninka su da juna sau ɗaya kafin a taɓa ko ɗigo guda, inda T ke nufin gusarwa, R kuma juyawa:

```
M = T(4,2) · R(90°) · T(−4,−2)

    | 0  −1   6 |
M = | 1   0  −2 |
    | 0   0   1 |
```

A gwada shi da (7, 2, 1). Layin farko ya ba da sifiri sau 7, a ɗebe 2, a tara da 6, an samu 4. Layi na biyu ya ba da 7 a ɗebe 2, an samu 5. A gwada shi da cibiya, (4, 2, 1): layin farko 4, layi na biyu 2, ba ta motsa ba. Wannan gwaji na biyu shi ne mafi saurin kama kuskure, domin duk matiriks ɗin da aka ce yana juyawa a kewayen wani ɗigo dole ne ya bar ɗigon a inda ya same shi. Mai lura zai ga cewa 6 da −2 da suka bayyana a layin tsaye na ƙarshe ba sa cikin lambobin da aka fara da su. Sun fito ne daga bambancin da ke tsakanin inda cibiyar take, (4, 2), da inda juyawa tsagwaronta ta so ta jefa ta, (−2, 4).

Ga hannun agogo mai ɗigo biyu, wannan ba wata riba ba ce. Amma a ce zanen mota ne a wasan kwamfuta mai ɗigo dubu ɗari, ana sake zana shi sau 60 a daƙiƙa, kuma tayar tana juyawa a jikin mota, motar tana tafiya a kan titi, titin kuma ana kallonsa ta kyamarar da ita ma motsi take yi. Ko matakai goma ne a jere, ana narkar da su su zama matiriks ɗaya, kowane ɗigo ya bi ta cikinsa sau ɗaya. Akwai riba ta biyu, wadda masu ƙera na'ura suka fi damuwa da ita: tun da aikin iri ɗaya ne kullum, ana iya gina masa da'irar lantarki ta musamman. Jim Clark ya yi haka a Jami'ar Stanford a farkon shekarun 1980 da wani guntun lantarki da ya sa wa suna Geometry Engine, wanda a kansa aka kafa kamfanin Silicon Graphics. Daga wannan kamfani OpenGL ya fito a 1992, kuma har yau katin zane na kowace waya ninka irin wannan matiriks yana cikin ayyukansa na yau da kullum.

Sai dai akwai tarko a rubutun M ɗin can, kuma shi ya fi kowane kama mutane. Ana karanta shi ne daga dama zuwa hagu. Ɗigon yana tsaye a can ƙarshen dama, don haka matiriks ɗin da ya fi kusa da shi, T(−4,−2), shi ke fara aiki. Kuma jerin yana da muhimmanci, domin ninka matiriks ba kamar ninka lambobi ba ne, inda 3 sau 4 da 4 sau 3 duk ɗaya suke. A ɗauki ɗigo a (1, 0). A gusar da shi taku 5 sannan a ninka girma sau 2: ya je 6, ya ƙare a 12. A fara da ninka girma sannan a gusar: ya je 2, ya ƙare a 7. A jerin farko har gusarwar kanta an ninka. Haka abin yake tsakanin juyawa da miƙarwa ta gefe ɗaya. Murabba'in da aka fara miƙarwa a kwance sannan aka juya digiri 45 yana nan da kusurwoyinsa a miƙe, ya dai jingina ne. Wanda aka fara juyawa sannan aka miƙar a kwance kuwa, kusurwoyinsa sun karkace, biyu sun matse biyu sun buɗe. Duk wanda ya ga zanensa ya karkace haka alhali bai nema ba, jerin matiriks ɗinsa zai fara dubawa.

Ruɗanin yana ƙaruwa saboda littattafai da manhajoji ba su yarda da salon rubutu ɗaya ba. Wasu suna rubuta ɗigo a tsaye a dama, kamar yadda aka yi a nan. Wasu, irin su bayanan PostScript da PDF, suna rubuta shi a kwance a hagu, sai jerin ya koma daga hagu zuwa dama, lambobin gusarwa kuma su sauka a layin ƙasa. Lissafin ɗaya ne. Abin da ke ɓata aiki shi ne a kwafo matiriks daga littafin da ke bin wancan salo a zuba a manhajar da ke bin wannan.

Ana iya ganin misalin agogon a kowace burauza. Tsarin zane na SVG yana karɓar lambobi shida kawai, tun da layin ƙasa sananne ne, kuma waɗannan rubuce-rubuce uku abu ɗaya suke yi:

```
transform="rotate(90 4 2)"
transform="translate(4 2) rotate(90) translate(-4 -2)"
transform="matrix(0 1 -1 0 6 -2)"
```

Wanda ya gwada zai tarar da abin mamaki: hannun ba ƙarfe goma sha biyu zai nuna ba, ƙarfe shida zai nuna. Bakin ya sauka a (4, 5) kamar yadda aka lissafa, amma a SVG, kamar a yawancin tsarin fuskar kwamfuta, mafari yana kusurwar sama ta hagu kuma y yana ƙaruwa ne zuwa ƙasa. Juyawar da ta saɓa wa agogo a takardar lissafi, a nan bin agogo take yi. Akwai kuma kuskuren ma'auni. SVG digiri yake karɓa, amma `Math.cos` na JavaScript radiyan yake jira. `Math.cos(90)` yana ba da kimanin −0.448 maimakon sifiri, hannun kuma ya juya kusan digiri 117. Kusurwar da ta fito bambaraƙwai, ba ta kama da komai, yawanci wannan ne dalilinta.

Lamba ɗaya tana taimaka wa mai neman kuskure ƙwarai, wato ditaminan, a sau d a ɗebe b sau c. Tana faɗin yadda faɗin fili ya canja. Juyawa tsagwaro tana ba da 1, kamar M ɗin agogo. Ninka girma sau 2 ta kowane gefe yana ba da 4. In ta fito ƙasa da sifiri, zanen ya kife kamar a madubi, rubutu ya koma baibai. In ta fito sifiri, an matse zanen ya zama layi ko ɗigo, kuma babu matiriks ɗin da zai dawo da shi. Wannan matsala ce ta gaske, domin sanin abin da yatsa ya taɓa a fuskar waya yana bukatar a bi lissafin baya-baya daga wurin taɓawa zuwa asalin zanen. Ditaminan ɗin ce kuma ke tona wani ciwo mai tafiya a hankali. Mai shirya manhaja da ke juya abu kaɗan-kaɗan ta hanyar ninka tsohon matiriks da sabon digiri ɗaya a kowane zagaye yana tara ƙananan kurakurai, saboda kwamfuta tana datse wutsiyar lambobi. Bayan zagaye masu yawa ditaminan ya fara nisa da 1, zanen yana kumbura ko yana ƙanƙancewa. Maganinsa a riƙa ajiye kusurwar ita kanta, a gina matiriks sabo daga gare ta kowane lokaci.

Lamba ta ukun, wadda ake kira w, ba dole ba ne ta zama 1. A ɗebe cibiyar agogo daga bakin hannunsa: (7, 2, 1) a ɗebe (4, 2, 1) ya ba da (3, 0, 0). Sifirin da ya fito a ƙarshe yana da ma'ana. Wannan ba wuri ba ne, alkibla ce da tsawo: taku 3 zuwa dama. In aka tura shi cikin M, lambobin gusarwa 6 da −2 suna ninkuwa da sifiri su ɓace, a samu (0, 3, 0), taku 3 zuwa sama. Haka ya dace, domin alkibla tana juyawa amma ba ta gusawa. Gabas gabas ce ko daga ina aka tsaya. Da an manta an sa mata 1, da (6, 1, 1) aka samu, wanda ba ya nufin komai. A zane mai zurfi irin wannan mantuwa takan bayyana ne a haske: a matsar da abu kawai, sai a ga inuwar jikinsa ta canja kamar an ɗauke rana an kai ta wani wuri.

Idan w wata lamba ce dabam, ƙa'idar Möbius ce ke aiki: a raba sauran lambobin da ita. (6, 4, 2) da (3, 2, 1) ɗigo ɗaya ne. A zane mai tsawo, faɗi da zurfi, ɗigo yana da lambobi huɗu, matiriks kuma yana da goma sha shida, kuma a can ne ake taɓa layin ƙasa da gangan. Ana shirya shi ya kwafi nisan ɗigo daga kyamara ya zuba a w. Sanduna biyu masu tsawon taku 2, ɗaya a nisan taku 5 ɗaya a nisan taku 10, bayan rabawa za su fito 0.4 da 0.2, ta nesa ta zama rabin ta kusa, kamar yadda ido ke gani.

Rabawar nan ita ce kaɗai matakin da ba ya narkewa cikin matiriks, ana yin ta ne daga ƙarshe, kuma tana da haɗarinta. Ɗigon da ke daidai da kyamara w ɗinsa sifiri ne, ba a rabawa da sifiri. Wanda ke bayan kyamara kuwa w ɗinsa yana ƙasa da sifiri, rabawa za ta juya alamun x da y, ya bayyana a gaban mai kallo a kife. Alwatikar da ƙafarta ɗaya ke gaban kyamara ɗaya kuma a baya sai ta zama dogon tsini da ya ratsa fuskar kwamfuta daga gefe zuwa gefe. Saboda haka katin zane yake datse alwatika tun lambobin suna huɗu: yana duba ko x da y suna tsakanin −w da w, yana yanke abin da ya fita da abin da ya faɗa bayan iyakar kusa da kyamara, sai bayan nan ya raba abin da ya saura da w.